Ƙanena ya kamu da tarin tibi a Garwa, ɗaki biyu ne da mu

Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne ina sayar da yadi a Garwa ta Kamaru, ƙanena da ya zo taya ni an gwada kakinsa an ce tibi ne, yau kwana biyar da fara magani. Ɗaki biyu muke haya da iyalina da yara biyu, ƙaramar shekararta uku. Mun ware masa kofi da kwano mun rufe shi a ɗaki ɗaya, ko dai in sa shi a mota ya koma gida?

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba shi lafiya. Yau ɗin nan tun kafin ka gama karanta wannan ka je ka buɗe ƙofar ɗakin nan da tagarsa. Ƙwayar tibi a iska take tafiya, in ya yi tari ko atishawa sai ta fito ta tsaya tana yawo a ɗakin har awoyi in ba inda iska za ta fita, to duk wanda ya shiga kai masa kunu ita zai shaƙa. In kuna da fanka ka juya ta tana kallon taga ta riƙa tura iskar waje, kar ta kalli ƙofar ɗakin yara. Da rana a shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa ko gindin darbejiya, in ma lokacin zafin Garwa ne da kowa ke kwana a tsakar gida to ya kwana can cikin gidan sauro, ɗan nesa da ku. Wahalar tana hunturu, lokacin da ake toshe taga da kwali saboda sanyi da ƙura, nan gara ka ƙara masa bargo ka bar tagar a buɗe.

Takunkumi kuma shi ya fi dacewa ya sa, duk sanda wani zai shigo ko za ku hau mashin zuwa asibiti. Kakin ya riƙa tofawa a gwangwani mai murfi da ɗan ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a ciki, a zubar a masai, wanda ya zubar ya wanke hannu da sabulu.

Maganar kofi da kwano, wallahi abin na ba ni tausayi yadda ake ɗaura wa kofin mutum tsumma ana ture masa abinci daga bakin ƙofa, alhali tibi ba ta bin kofi ko cokali ko musabaha. Ruwa da sabulu sun wadatar. In ya riƙe kofinsa don hankalin uwargida ya kwanta ba laifi, amma ku ci abinci tare a waje, don wanda aka ƙyamata shi ne ke fara ɓoye tari yana zubar da magani. Tawul dai kowa da nasa, wannan ko lafiya lau ne saboda ciwon ido da ƙazwa. Zanin gado da rigar filo a wanke yadda aka saba a shanya a rana, katifa ma a fito da ita ta sha rana, ba sai an ƙona komai ba. Da kwalara ce da na ce a jiƙa su a jabel, tibi ba ta bukatar haka.

Ƙaramar nan ta fi damuna. Yaran da ba su kai shekara biyar ba suna saurin kamuwa kuma tana iya taɓa musu ƙwaƙwalwa, don haka kar ta shiga ɗakinsa, kuma ka kai ta inda yake karɓar magani ko ba ta tari, a duba ta, in ba ta da cutar akwai maganin kariya da ake ba su. Kai da kuka kwana ɗaki ɗaya da kuke zaman shago tare ma a duba ka.

In ƙwayar mai jin magani ce kuma yana sha kullum, bayan kamar sati biyu haɗarin yaɗawa na raguwa sosai, za ka ga zazzaɓin dare ya sauka ya fara neman abinci. Amma ma'aikatan ne za su ce maka a sassauta, ba idonka ba. Maganin wata shida ne, kuma kyauta ake ba da shi a Kamaru. Fitsarinsa zai koma ja-ja, aikin maganin ne, amma in idonsa ya yi ɗorawa ko yana ta amai ku koma asibiti ranar.

Batun gida kuwa, kar ka cusa shi mota yanzu ya yi wuni guda cikin mutane gilas a rufe, ya je ya sauka a ɗakin Inna da jikoki. In tafiyar ta zama dole a bari ya yi kamar sati biyu kan magani, ya karɓi takardar canjin asibiti, ya riƙe katinsa da maganin da zai kai shi har ya yi rajista a can Katsina.