Dofamin ɗaya ne, hanyoyinsa ne daban

"Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 23 ya fara jin muryoyi, yana cewa maƙwabtanmu a Agege na bibiyar sa. An ɗora shi a kan haloferidol, muryoyin sun lafa, amma yau mako uku jikinsa ya ƙage, hannunsa na rawa, yawu na zuba, sak kakanmu mai cutar Fakinsin. An ce maganin kaka ƙara dofamin yake yi, na ƙanena kuma rage shi. Ni kuwa na san dofamin da sinadarin jin daɗi. Ya abu ɗaya zai zama duka waɗannan? Mu daina ba shi maganin?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku ladan jinya. Bari in fara da na gaggawa: kada ku tsayar da maganin da kanku, kuma kada ku jira ranar da aka rubuta muku ta komawa asibiti. Ku mai da shi wurin likitansa cikin wannan makon. Idan kuma kika ga zazzaɓi mai zafi ya haɗu da ƙagewar jikin, ga gumi, ga ruɗewa, ko ya kasa haɗiye abinci ko ruwa, to ku kai shi a daren, ko da ƙarfe biyu ne.

Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu taɓin hankali a nan Legas, kuma abin da kika gani na gan shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Idonki bai yaudare ki ba. Abin da ke jikin ƙanenki da na kaka sun haɗu a wuri guda cikin ƙwaƙwalwa, sai dai kowa da ƙofar da ya shigo.

Ki ɗauki dofamin kamar danfo, motar hayar nan ta Legas. Duk rawaya ce, amma wadda ta tashi daga Oshodi zuwa Agege ba aiki ɗaya take yi da ta Obalende ba. Ƙwayoyin da ke ƙera dofamin 'yan kaɗan ne, suna dunƙule a can ƙasan ƙwaƙwalwa, kowane rukuni yana miƙa zarensa zuwa unguwarsa. Aikin da dofamin zai yi ya danganta da inda ya sauka.

Hanyar motsi tana tashi ne daga wani ɗan baƙin wuri da ake kira sabstanshiya naigira, ta sauka a saman wani yanki na cikin ƙwaƙwalwa da ake kira sitirayatam. Ita ke sa idan kika yi niyyar tashi ki tashi ba tare da tunani ba, hannuwanki su riƙa lilo kina tafiya, fuskarki ta motsa kina magana. A wajen kaka, ƙwayoyin da ke tashar ne suke mutuwa a hankali, kuma alamu ba sa fitowa sai an rasa wajen rabinsu ko fiye. Shi ya sa ake ba shi lebodofa. Dofamin kansa ba ya iya tsallakawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, amma lebodofa yana shiga, sai ƙwayoyin da suka rage su juya shi ya zama dofamin. Arvid Carlsson, ɗan Suwidin, shi ya nuna a 1957 cewa lebodofa na tayar da dabbobin da magani ya sandarar da su, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. Shi kuwa ƙanenki, ƙwayoyinsa lafiya lau suke. Dofamin ɗin na zuwa, amma haloferidol ya zauna a kan makarɓarsa, wadda ake kira D2, saƙo ya kasa shiga. Kaka babu motocin, ƙanenki an tare musu wurin sauke fasinja. Daga waje kama ɗaya ce, amma nasa yawanci yana warwarewa idan an gyara magani, wani lokaci cikin makonni, wani lokaci ya ɗauki 'yan watanni.

Yanzu batun jin daɗi, wanda a ganina nan aka fi ɓatar da mutane. Hanya ta biyu, hanyar lada, tana tashi daga maƙwabciyar tashar farko, ta sauka a ƙasan sitirayatam, wurin da ake kira nukiliyas akumbens. Wolfram Schultz ya saurari waɗannan ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar birai. Idan aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, sai su harba. Da aka saba masa da wata alama kafin ruwan, sai harbin ya koma kan alamar, ruwan kansa ya daina tayar da su. Ranar da alama ta zo ruwa bai zo ba, sai su yi tsit a daidai lokacin da ya kamata ya iso. Ke nan abin da suke faɗa shi ne: wannan ya fi abin da aka zata, ki kula da shi, ki bi shi. Ki tuna azumi. Ƙamshin ƙosai da ƙarfe shida, da yadda kunnenki ke miƙewa wajen masallaci yana jiran kiran salla, wannan jan shi ne aikin dofamin. Daɗin kunun a baki kuwa wasu sinadarai ne suka fi ɗaukar nauyinsa. Shi ya sa ɗan ƙwaya zai ce miki ya daina jin daɗin abin tuntuni, amma ƙafarsa ba ta daina kai shi ba.

Idan kin riƙe wannan, ciwon ƙanenki zai buɗe miki. Sinadarin da aikinsa shi ne ya ce "kula da wannan" ya fara fita ba bisa ƙa'ida ba. Maƙwabci ya yi tari, sai tarin ya zo masa da nauyi kamar saƙo. Wata mota ta tsaya a bakin layi sau biyu, sai ya ji a jikinsa cewa da dalili. Hankali ba ya zama da abu mai nauyi babu bayani, sai ya ƙulla labari: ana bin sa. Ba ƙarya yake yi ba, nauyin da gaske yake jin sa, don haka gardama da shi ba ta kai ku ko'ina. Maganin kuma ba goge labarin yake yi ba, nauyin yake saukewa. Marasa lafiya sukan fara da cewa "suna nan, amma sun daina damuna", daga baya labarin ya bushe da kansa. A littattafan da muka karanta, hanyar lada kaɗai ake ɗora wa wannan. Hotunan ƙwaƙwalwa na baya-bayan nan sun nuna yawan dofamin ɗin ya fi taruwa a tsakiyar sitirayatam, tsakanin unguwar lada da ta motsi, wato kusa da inda ba a so magani ya taɓa.

To ga matsalar. Ƙwayar magani jini take bi, ba ta san adireshi ba. Duk inda D2 yake, a nan za ta zauna. Binciken Shitij Kapur da abokan aikinsa a Toronto, wanda ya fito a 2000, ya auna wannan a masu sabon ciwo da ke shan haloferidol. Sauƙi yakan samu idan an toshe wajen kashi 65 cikin 100 na D2, ƙagewar jiki kuma takan bayyana idan an haura kashi 78. Ki ga ƙanƙantar tsakanin. Ga mai sabon ciwo, miligiram 2 zuwa 5 a rana sau da yawa ya isa kai shi can. Abin da aka ƙara a sama ba ya ƙara kashe muryoyi, jiki kawai yake ɗaurewa.

Akwai wani yaro mai sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mil Tuwel da ba na mantawa. Shekararsa 24. An sallame shi daga wani wuri a kan miligiram 10 safe da dare. Bayan kusan wata guda yayansa ya kawo mana shi, bayan sun sha yawon ruƙiyya don sun ɗauka aljani ne ya danne shi. Ya shigo da gajerun taku, hannuwa manne da jiki, ido ba ya ƙiftawa sosai, tsumma a hannun yayan yana share masa haɓa. Na kama hannunsa na lanƙwasa a gwiwar hannu, sai na ji yana sakin jiki ƙat, ƙat, ƙat, kamar ana juya giyar inji mai haƙora. Ɓangaren dama da na hagu duk ɗaya, wanda shi ma alama ce ta magani, domin cutar Fakinsin ta gaske takan fara ne ta gefe guda. Likita ya sauko da shi mataki-mataki zuwa miligiram 5 da dare, ya haɗa masa da tiraiheksifenidil kaɗan, wanda aka fi sani da Aten, na ɗan lokaci. A mako na biyu yawun ya tsaya. Kafin wata biyu ya koma kasuwa, muryoyin kuma ba su dawo ba. Aten ɗin an janye shi daga baya, kuma ina roƙonki kada ku saya a kemis ku riƙa ba shi da kanku. Yana dushe tunani, yana busar da baki, yana hana fitsari da bayan gida, ga shi samari na shan sa don maye. Idan kuma daga baya, bayan watanni ko shekaru, baki da harshe suka fara motsi da kansu kamar ana tauna, Aten ƙara wannan yake yi.

Wani abu da nake so ki sa wa ido, domin ni kaina ya taɓa wuce ni a farkon aikina. Wani mara lafiya ya kasa zama, yana ta kai da kawowa a baranda, na rubuta cewa ciwonsa ne ke tashi, aka ƙara masa magani, ya ƙara rikicewa. Da na zauna na tambaye shi, sai ya ce, "Malam, ba tsoro nake ji ba, ƙafafuna ne ba sa barina." Wannan ita ce akatisiya, ita ma daga toshe dofamin take. Azaba ce sosai, har takan sa mutum tunanin hallaka kansa, kuma maganinta rage ƙwaya ko canza ta, wani lokaci a haɗa da furofuranolol. Har yau abin na damuna, shi ya sa nake tambayar kowa da bakina.

Sauran hanyoyi biyu a taƙaice. Ɗaya na zuwa goshin ƙwaƙwalwa, wurin tsara al'amura da himma, kuma ana ganin a wannan ciwon dofamin ƙaranci yake yi a can. Don haka idan ya yi sanyi, ba ya son wanka ko fita, kada a kira shi malalaci. Yana iya zama ciwon, yana iya zama nauyin maganin a hanyar lada. Ɗayar kuma gajeriya ce, tana taka wa sinadarin nono, firolaktin, birki. Idan aka toshe ta, mace kan daina ganin al'ada ko nono ya kawo ruwa, namiji kuma ƙirjinsa ya kumbura ko sha'awarsa ta mutu. Samari da yawa a kan wannan suke jefar da magani a ɓoye, don kunya ba ta barin su faɗa. Ki sa wani namiji da yake sakewa da shi ya tambaye shi a keɓe.

Shi ma kaka ku lura da shi ta ɗaya gefen. Maganinsa ba ya tsayawa a hanyar motsi kaɗai. Idan ya fara ganin mutane a ɗaki da dare, ko ya tsiri kashe kuɗi ko caca da ba halinsa ba, ku gaya wa likitansa. Kuma kada a kuskura a ba shi ƙwayar ƙanenki don ya yi barci, ko metokulofuramaid na amai, domin duka biyun D2 suke toshewa, suna iya tsananta masa ciwon.

Ranar da za ku koma, ki tafi da dukkan fakitin magungunansa, har na amai da na gargajiya. Ki gaya wa likita miligiram nawa yake sha, ko an yi masa allurar wata-wata, da ranar da rawar hannun ta fara. Allurar na da muhimmanci, don takan daɗe a jiki, sauƙin zai ɗan jinkirta. Ki ɗauki ɗan bidiyonsa yana tafiya a tsakar gida, da izininsa, saboda wasu kan ɗan sake a gaban likita. Sannan ki tambaya kai tsaye ko za a iya rage adadin, ko a koma wani irin su olanzafin, wanda bai cika ɗaure jiki ba amma yana sa ƙiba da hawan sukari, don haka sai an riƙa auna nauyinsa da jininsa.