Amsa: Fitar da aji daga bayanin matsala wajen tsara manhajar kwamfuta

"Malaminmu ya ce mu ja layi a ƙarƙashin suna da aikatau mu fitar da aji, to kowane suna aji ne kenan?"

A'a ɗan'uwa, ba kowane ba. Aji a manhaja shi ne nau'in abin da za a adana bayanansa da ayyukansa, don haka jan layin somin-taɓi ne kawai, tankaɗe shi ne aikin. Ɗauki wannan: "Ɗalibi yana aron littafi a laburare. Kowane littafi yana da lamba da sunan marubuci. Mai aro zai dawo da shi cikin kwana 14."

Sunayen su ne ɗalibi, littafi, laburare, lamba, marubuci, mai aro. To ka tambayi kowanne, yana da bayanan kansa da za a adana? Ɗalibi da littafi suna da su, aji ne. Lamba kuwa ƙima ɗaya ce tak, sifar littafi ce, wato ɗaya daga cikin bayanansa, haka ma sunan marubuci. Mai aro ai ɗalibin ne aka sake wa suna, ka goge ɗaya. Laburare ma cire shi tunda shi ne tsarin gaba ɗaya, sai fa in yana da rassa, ɗaya a Katsina ɗaya a Daura, to nan ya zama aji.

Aikatau kuma, "yana da" galibi sifa yake nunawa, "yana aro" dangantaka ce tsakanin ɗalibi da littafi. Amma nan fa mutane ke faɗuwa wallahi, ranar dawowa ina za ka sa ta? Ka sa a littafi, wani na ara ta goge, tarihi ya tafi. Ashe aron kansa aji ne, `Aro`, mai ɗauke da `ranarKarba` da `ranarDawowa`, duk da a matsayin aiki ya zo a bayanin.