Tik biyu ba ya nufin hoton ya sauka

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi sikirinshot na lambar biyan kuɗin makaranta na tura wa Yaya a WhatsApp tun jiya da safe. A wajena tik biyu ne, shi kuma ya ce dishi-dishi kawai yake gani, ya ƙi buɗewa. Na sake turawa har sau uku. Jibi za a rufe biya. Don Allah laifin wayata ne ko tasa, kuma yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, bar sake tura hoton. Koma inda lambar take, ki kwafo ta a rubuce, ki manna masa a saƙo ita kaɗai, sannan ki tura adadin kuɗin da sunan da ke kan takardar a wani saƙon. In ta Remita ce, lambar RRR guda 12 ce, ki ƙirga ki tabbatar sun cika. Yi wannan yanzu, sannan ki dawo ki karanta sauran.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Samaru, kuma ba a yin kwana biyu wani ɗalibi bai tsaya a gabana yana rantsuwa cewa ya turo min hoto ba, ni kuma ina kallon da'ira tana juyawa a kan wani abu mai hazo. Amma ban fahimci abin da kyau ba sai da ya faru a gidanmu.

Mahaifiyarmu tana cikin Birnin Zariya, a Kwarbai. Wata ranar Alhamis da yamma kuɗin mitarta ya ƙare, ga ruwan sanyi da take sayarwa a firiji. Na saya mata wuta ta waya daga shago, lamba ta fito, na ɗauki sikirinshot na tura wa ƙanena Auwalu da ke zaune da ita. Na ga tik biyu, na ajiye waya na ci gaba da aiki. Bayan Magariba sai ga kiran Hajiya: "Kai Babangida, wutar nan fa? Yaron nan ya ce hoton bai fito ba." Na ce Hajiya ai ya shiga, ga shi ina gani. Ta ce to su dai duhu suke gani. Na sake turawa. Auwalu ya fita zaure, ya fita ƙofar gida, ya taka har bakin titi yana ɗaga waya sama. Har na fara tunanin hawa mashin in kai musu, sai wani yaron shagona ya ce, "Oga, me zai hana ka rubuta masa lambar kawai?" Lamba 20 ce. Na kwafo ta daga saƙon da aka turo min, na manna. Kafin in ɗaga kai ta shiga, Auwalu ya danna a mita, wuta ta kawo. Awa biyu da wani abu muka ɓata a kan abin da bai kai minti ɗaya ba.

Washegari da na je gaishe ta na karɓi wayar Auwalu na duba. Abu biyu ne suka haɗu. A cikin ɗakin Hajiya, mai kaurin bangon ƙasa irin na gidajen Birni, harafin E ne a saman wayar maimakon 4G. Sannan ma'ajiyar wayar ta cika maƙil da bidiyon biki da wa'azi da ake turowa a guruf-guruf, babu wurin da sabon abu zai zauna. Ko da ya fita titi ya samu sabis mai kyau, wannan na biyun ya tare hanya.

Abin da ya kamata ki gane game da tik ɗin nan shi ne hoto a WhatsApp ba a dunƙule yake tafiya ba, kashi biyu yake rabuwa. Wayarki tana ɗora ainihin hoton a ma'ajiyar kamfanin, sannan ta aika wa Yaya wani ɗan ƙaramin saƙo mai ɗauke da inuwar hoton da bayanin inda za a ɗauko shi. Wannan inuwar ita ce dishi-dishin da yake gani. Da zarar ɗan saƙon ya isa wayarsa, ke za ki ga tik biyu. Saura wayarsa ta je ta ɗauko hoton da kanta, kuma a nan ake makalewa. Kamar a aiko maka da takardar shaidar kaya daga tasha ne, takarda ta zo hannunka, buhun yana can. Shi ya sa ku biyun duk gaskiya kuke faɗa, kuma shi ya sa sake turawa sau uku bai canza komai ba, don inuwa uku kika ƙara masa.

Daga alamar za ki san ɓangaren da matsalar take. In agogo kike gani a gefen saƙo, ko da'ira tana juyawa a kan hoton a wayarki, bai ma bar hannunki ba, sabis ɗinki ne ko datarki. Tik ɗaya, ya bar wajenki amma wayarsa a kashe take ko datarsa a rufe. Tik biyu da hazo, kamar naki, to matsalar tana can wajensa.

A wajensa kuma abubuwan dubawa ba su da yawa. Ya kalli saman wayar ya ga ko E ne ko H ko 4G. Rubutu na wucewa ko a kan E, domin lamba 12 ko 20 nauyinta bai kai kilobayit ɗaya ba, alhali sikirinshot ko bayan an matse shi yakan ninka haka sau ɗari ko fiye, kuma yana son sabis ya tsaya cak na ɗan lokaci ba tare da yankewa ba. Sannan ya shiga Settings na WhatsApp, ya taɓa Storage and data, ya buɗe Manage storage ya ga ko akwai sauran wuri. In ya cika, ya goge manyan bidiyo biyu ko uku ya sake gwadawa. A shafin Storage and data ɗin dai akwai Media auto-download. Mutane da yawa suna kashe shi don tattalin data, kuma ban ga laifinsu ba, sai dai in an kashe, hoto ba zai sauka da kansa ba sai an taɓa kibiyar da ke tsakiyarsa. Akwai dattawan da na gani suna jiran hoto ya washe da kansa, ba wanda ya taɓa gaya musu a taɓa ake yi. Na ƙarshe, wanda ba a cika tunawa da shi ba, kwanan wata da agogon wayar. In batir ya mutu ƙurmus ko an cire shi, wasu wayoyin sukan koma wata tsohuwar shekara, sai saukar da hoto ya riƙa ƙarewa da Download failed. A mayar da agogon ya riƙa saita kansa, sai a sake gwadawa.

In an bar hoto ya daɗe ba a sauke ba, yakan kai lokacin da wayar za ta ce a nemi wanda ya aiko ya sake turowa. Naki na jiya ne, wannan bai shafe ki ba.

Amma ni ko hoton zai sauka lafiya, na daina tura lamba a hoto, kuma ina roƙon masu zuwa shagona su daina. Dalilina shi ne wanda aka tura wa hoto dole ya kalli lambar ya sake buga ta da yatsa, yana fita daga wannan manhaja yana shiga waccan, ga hoton an matse shi har 3 tana kama da 8, 1 tana kama da 7. A mita abin da sauƙi, in ka kuskure lamba ɗaya ta ƙi karɓa ka sake. A biyan kuɗi kuwa kuskure na iya sa ka wuni a layi. In rubutu ne, dannawa kawai zai yi ya kwafa ya manna, babu inda yatsa zai zame. Kuma bayan wata shida in ana neman lambar, a rubuta farkonta a wurin bincike ta fito.

Yadda ake yi: ki ɗora yatsa a kan lambar a inda ta fito, a shafin makarantar ko a saƙon imel ko tes, ki riƙe har ta yi launi. Ki ja ɗigon biyu su rufe ta daga farko zuwa ƙarshe, ki taɓa Copy. Ki koma wajen Yaya, ki riƙe yatsa a wurin rubutu, ki taɓa Paste. Shawarata ki tura lambar ita kaɗai a saƙo guda, bayanin kuɗi da suna a wani saƙon daban, saboda WhatsApp saƙo sukutum yake kwafa, in kin haɗa da gaisuwa to har gaisuwar zai manna a wurin biya.

In sikirinshot ɗin kaɗai ya rage miki, kin riga kin rufe shafin, Google Lens na iya ciro rubutu daga cikin hoto, a iPhone ma ana riƙe yatsa a kan rubutun da ke hoton a kwafa. Sai dai kada ki yarda da shi ido rufe. Yakan rikita sifili da harafin O, da 1 da ƙaramin l, kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sau da yawa yakan ɓata su. Ga lamba 12, wallahi gara ki buga da hannu a nutse, ki karanta sau biyu, sannan ki kira Yaya ya karanto miki uku-uku kina bi da ido.

In ma datarsa ce ta ƙare gaba ɗaya, rubutu yana da wata ƙofar, wato tes na layi, wanda ke shiga ko a ƙaramar waya mai madannai. Tes ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da kin sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya sai ya koma 70, a caje ki kuɗin saƙo biyu ko uku. A nan kaɗai nake rubuta "kudi" da d mara lanƙwasa.

Akwai inda rubutu ba ya wadatarwa, kada in ɓoye miki. Rasit mai hatimi, sa hannu, takardar asibiti da likita ya rubuta da hannunsa, waɗannan ganinsu ake so. A irin wannan nakan fara tura bayanin a rubuce don aiki ya ci gaba, hoton ya biyo baya ya sauka lokacin da ya samu hanya. Kuma in sabis ba ƙarfi kada a zaɓi HD, kada a tura shi a matsayin Document, domin duka biyun nauyi suke ƙara masa. Lambar sirri ta katin banki da lambar nan da banki ke turowa ta tabbatar da cire kuɗi kuwa, ba a tura su ga kowa, a hoto ko a rubuce.

Idan Yaya ya je biya, sunanki da adadin kuɗin za su fito bayan an sa lambar. Ki ce masa ya karanto miki su a waya kafin ya ba da kuɗi. In kin manna masa lambar har yanzu tik ɗaya kike gani, to ki tura ta tes, ki kira shi ki ce ya duba. Allah ya sa a biya a kan lokaci, ya ba da sa'ar karatu.