Farashina ya fi sauƙi, me ya sa aka cire ni daga neman kwangila?

Tambaya: Malam, na ga sanarwar kwangilar gyaran azuzuwa ta wata hukumar gwamnatin tarayya, na kai takarduna a kan lokaci. Daga baya na ji farashina ya fi na wanda aka bai wa sauƙi, amma ko ambulan farashina ba a buɗe ba. Ina na yi kuskure?

Amsa: Alhaji, a galibin irin wannan sanarwa ambulan biyu ake nema: ɗaya na takardun cancanta, ɗaya na farashi, kowanne a liƙe, sannan a haɗa su cikin babban ambulan da aka rubuta sunan aikin da lambarsa a bayansa. Na cancanta ake fara buɗewa. Wanda ya faɗi a nan, nasa na farashi a rufe ake mayar masa, ko da rabin kuɗin kowa ya rubuta.

Abin da na fi zargi shi ne wa'adin takardunka. Rajistar kamfani ta hukumar CAC ba ta tsufa, amma shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun hukumar fansho ta PenCom, asusun horar da ma'aikata na ITF da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da shaidar rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP, hukumar kula da sayayyar gwamnati, duk a ranar 31 ga Disamba suke ƙarewa. Nan ne 'yan kwangila da yawa ke tuntuɓe, musamman a farkon shekara. A ce sanarwa ta fito ranar 3 ga Fabrairu, za a rufe ranar 17 ga Maris da ƙarfe 12 na rana. Mako shida ke nan, mafi ƙarancin lokacin da dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta tanada kafin a yi mata gyara a 2020. Mutum ya ɗauko takardar PenCom ta bara ya saka, alhali sanarwar ta ce wadda ke aiki har ƙarshen bana ake so. Sabuwar kuwa ba a yini ɗaya take fitowa ba, sai ka nuna ka zuba fanshon ma'aikata kuma ka yi musu inshorar rai. Abin da ke ba ni takaici shi ne, kamfanin da ya iya aiki ya rasa shi saboda kwanan wata guda.

Duba kuma takardar rantsuwar kotu. Ana son sabuwa, wadda ta faɗi ko akwai jami'in hukumar da ke da hannu a kamfaninka. Haka ma in farashi ya ɓulla a cikin ambulan cancanta, ya isa a cire mutum.

Ka rubuta wa hukumar ka nemi dalilin cire ka a rubuce, doka ta ba ka wannan dama. Nan gaba kuma ka tsaya a wajen buɗe ambulan, domin a bainar jama'a ake yi da zarar lokacin rufewa ya cika.