Kuɗi ya fita daga walat, bai shiga akawun ɗin caca ba

"Oga, wani ya ba ni dubu biyar in saka masa a akawun ɗinsa na caca. An cire kuɗin a walat ɗinmu, risit ya nuna Successful, amma shi bai ga komai ba, ga shi tsaye a kaina yana masifa. In mayar masa da kuɗinsa ne, ko in sake turawa?"

Ko ɗaya kada ka yi. Ba shi benci ya zauna, in ba zai zauna ba ya rubuta lambar wayarsa ya tafi. Masifarsa ba ta cire ko kwabo daga walat, hannunka ne ke cirewa.

Ba zan tsaya koya maka yadda ake buga lambar akawun da duba suna ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da ruwan leda a Tashar Dukku. Abin da ku yaran yanzu ba kwa so ku gane shi ne, kalmar Successful ba ta nufin kuɗi ya isa inda kwastoma yake dubawa. Kuɗin caca zango uku yake yi. Ya fita daga walat ɗinmu, ya bi ta NIBSS, kamfanin da ke haɗa tiransifa tsakanin bankuna, ya sauka a bankin da ke riƙe da lambar da aka ba ka. Lambar nan kuwa galibi ba ta kamfanin cacar ba ce kai tsaye, ta kamfanin da ke karɓar musu kuɗi ce, irin su Paystack, Flutterwave ko Monnify, shi ya sa sunan da ke fitowa wani lokaci yake ba ka mamaki. Sai shi wannan mai karɓa ya aika wa kamfanin cacar saƙo cewa wane ya biya kaza, sannan a rubuta masa a akawun. Risit ɗinka shaidar zangon farko ce kawai. Saƙon ƙarshen nan shi ne ya fi maƙalewa, musamman ranar Asabar da Lahadi dab da fara ƙwallon Ingila, lokacin da kowa ke tura kuɗi a minti ɗaya.

Yaron da ya riga ka zama a kan wannan kujerar shi ya koya wa shagon POS ɗin nan wannan karatu da tsada. Asabar ce, ƙarfe biyu da rabi da 'yan mintoci, wasa zai fara ƙarfe uku. Wani matashi mai gyaran waya da ya saba zuwa ya miƙo dubu ashirin, ya nuna lambar akawun a shafin Deposit na wayarsa. Yaro ya tura, aka cire, risit ya fito. Minti biyar shiru, minti goma shiru. Mutumin ya fara buga tebur, wai wasanni bakwai ya haɗa, in aka fara bai saka ba miliyan za a biya shi. Mutane suka taru, masu sayen kati na jira, yaro ya rikice. Sai mutumin ya sauke murya ya kawo shawara, irin ta mai son a zauna lafiya: ka sake saka mini ta sashen Betting na manhajar walat ɗinku, waccan in ta dawo ai walat ɗinku za ta dawo, ba ka yi asarar komai ba. Maganar ta yi kama da gaskiya, don da tiransifar ta faɗi ne, lallai wurinmu za ta dawo. Yaro ya buga User ID, wato lambar akawun ɗin cacar mutumin, ya sake tura dubu ashirin, ta shiga nan take, mutumin ya yi godiya ya tafi.

Ta farkon ba ta faɗi ba. Tana nan a hannun mai karɓa tana jiran layi, bayan la'asar aka rubuta masa ita. Ya biya ashirin, ya samu arba'in, kuma kafin magariba ya zuba su duka a wasa. Ranar Litinin da aka same shi a rumfarsa, sai ya buɗe manhajar cacar ya nuna Balance babu ko naira, yana rantsuwa bai ga komai ba. Da aka ce ya buɗe Transaction History, inda kowane kuɗin da ya shiga yake rubuce da ranarsa da lokacinsa, sai waya ta ƙare caji. Washegari kuma wai ya manta lambar sirri. Kamfanin walat suka ce kuɗi ya isa bankin da aka tura, babu ruwansu, kuma gaskiyarsu ce. Kamfanin cacar suka ce ba sa tattauna akawun ɗin mutum da wanda ba mai shi ba, su ma gaskiyarsu ce. Mutumin yana nan yana wucewa ta Jekadafari a kan babur, har hannu yake ɗagawa. Naira ɗari muke karɓa a kan dubu biyar, ka lissafa da kanka: kwastoma ɗari biyu kenan suka tafi a banza, ban ma cire cajin da ake yankar mu ba.

To yanzu koma kan naka. Buɗe tarihin walat ɗinmu ka duba matsayin tiransifar, kada ka dogara da takardar da inji ya fitar ɗazu. In ta koma Failed ko Reversed, sai ka tabbatar da idonka cewa dubu biyar ɗin ta dawo cikin jimillar kuɗinmu, sannan ka ba shi abinsa ko ka sake turawa. In tana Pending, babu abin yi sai jira; yawanci cikin awa 24 take yanke hukunci, ta tafi ko ta dawo. In kuwa tana nan a Successful, kuɗi ya bar hannunmu, maganar ta koma tsakaninsa da kamfaninsa, kuma shi ne zai kai ƙorafi daga cikin akawun ɗinsa, ba kai ba.

Abin da za ka ba shi ya tafi da shi shi ne Session ID. Lamba ce mai tsawon lambobi 30 da kowace tiransifa tsakanin banki da banki take ɗauke da ita, kuma da ita kaɗai ake bin sawun kuɗi. Shidan farko na bankin da ya tura ne, sha biyun da ke biye shekara ce da wata da rana da lokaci. Risit ɗin waccan Asabar yana nan a durowa, tsakiyarsa 251018143210, wato 18 ga Oktoba 2025, ƙarfe biyu da minti talatin da biyu. Wannan ma hanya ce ta kama risit ɗin bogi: wanda ya gyara tsohon hoto yakan canza rana da adadi a sama, ya manta da ranar da ke ɓoye cikin lambar. Kwastoma ya tura wa sashen ƙorafin kamfanin wannan lamba, da adadin kuɗi, da lokaci, da lambar akawun ɗin da aka tura wa, da User ID ɗinsa. Ta cikin manhajar zai yi. Masu shafukan bogi a Facebook da WhatsApp suna nan suna jiran wanda kuɗinsa ya maƙale su tambaye shi PIN da OTP, wai za su gyara masa.

Kafin ya tafi, ka yi masa tambaya ɗaya: yaushe ya samo lambar da ya ba ka? Akwai lamba ta dindindin da wasu kamfanoni ke ba kowane mai akawun, akwai kuma ta wucin gadi da ake ƙirƙira don biya ɗaya tak. Ita ta biyun tana da agogo a shafin yana ƙirgawa baya, sau da yawa wajen minti talatin, kuma an ɗaure ta da adadin da mutum ya rubuta. Samari sukan ɗauki hotonta su ajiye, ko su adana ta cikin jerin waɗanda suke tura wa kuɗi, su kawo maka bayan kwana biyu. Wani lokaci tiransifar takan ƙi tafiya, ka huta. Wani lokaci kuma ta tafi, ta rasa mai ita, ta zauna har sai an dawo da ita, abin da kan ɗauki kwanakin aiki. Kuma in ta dawo, walat ɗin da ya tura take dawowa, wato namu. Shi ya sa nake cewa a rubuta a littafi: rana, adadi, lambar wayar mutum. Ba ma cin haƙƙin kowa, ko da ɗan caca ne. Lamba daga hoto kuwa, na hana a shagon nan. Ya buɗe shafin a gabanka, ka ga agogon yana tafiya.

Sai wautar cire caji daga cikin kuɗin. Shafi ya ce ₦5,000, mutum ya ba ka dubu biyar cif, kai kuma ka yanke ɗarinka ka tura ₦4,900. Inji ba ya ciniki. Yana jiran dubu biyar, ya ga abin da bai kai ba, sai ya ƙi haɗa su. Ka karɓi ɗarinka daban, ko kuma ya koma ya rubuta 4,900 a fito da sabuwar lamba. Haka in ya ce zai tura mana ta waya mu saka masa, ya san da cajin bankinsa: a 2025 ₦10.75 ne har zuwa dubu biyar, ₦26.88 daga nan zuwa dubu hamsin, ₦53.75 sama da haka, duk da harajin VAT a ciki. Daga dubu goma kuma akwai naira hamsin ta gwamnati. In ta USSD ya yi, akwai ₦6.98 a kai. Duk wannan daga aljihunsa ne, ba daga ɗarinmu ba.

Ni dai na fi son a bi ta sashen Betting ɗin manhajar walat in kamfanin yana cikin jerin, saboda babu lambar da wa'adinta ke ƙarewa, kuma suna yana fitowa kafin a biya. Ka karanta masa sunan da babbar murya ya amsa da bakinsa. Lamba ɗaya in ta goce, kuɗi ya faɗa akawun ɗin baƙo, kuma ɗan caca in ya wayi gari ya ga dubu biyar daga sama, ba ya tambayar ta wane ce. A wannan hanyar babu Session ID, lambar shaidar biyan da ke kan risit ita ake kai wa kamfanin walat.

In matsalar daga ɓangaren banki ko walat ce, ka shigar da ƙorafi a rubuce ka karɓi lambar ƙorafin. Sati biyu in suka wuce ba su warware ba, akwai sashen kare haƙƙin kwastoma na Babban Bankin Najeriya. Amma su bankuna suke tuhuma, ba kamfanin caca ba.

Hukuncin cacar kanta ka sani, na sani, shi ma mai buga teburin ya sani, kuma ranar da na ga manhajar caca a wayarka, ranar ka bar shagon nan, don mai riƙe da kuɗin mutane ba ya haɗa wasanni. Je ka ce masa ya buɗe Transaction History a gabanka, ka ɗauki hoton shafin da wayar shago yadda lokaci zai fito, ka rubuta masa Session ID a bayan risit. Da la'asar ka sake duba walat, ka kira ni ka faɗa mini abin da ya nuna.