Sanar da aikin farko a fannin harhaɗa magunguna

Tambaya: Na kammala karatun famasi, na yi rantsuwa, yanzu kuma wani asibiti ya ɗauke ni. Ina son sanar da abokan sana'a in kuma gode wa malamaina. Me ya kamata in rubuta?

Amsa: Barka da arziki, ƙanwata. Kafin ki rubuta komai, ki duba takardar ɗaukar aikin ki ga da wane matsayi aka ɗauke ki. Rantsuwar da kika yi a gaban hukumar PCN, mai kula da sana'ar harhaɗa magunguna a Najeriya, rajistar wucin gadi ta ba ki. Cikakkiyar rajista sai kin yi horon wata 12 a wurin da hukumar ta amince da shi, a ƙarƙashin mai lasisi, kin kuma ci PEP, jarrabawar share fagen rajistar masu harhaɗa magunguna. Idan don horon nan asibitin ya ɗauke ki, to haka za ki faɗa. Manyanki a sana'a su ne za su fara karantawa, kuma nan take suke gane wanda ya ƙara wa miyarsa gishiri.

Kada ki saka hoton takardar rajista ko lambarki. Akwai masu shagunan magani da ke neman lasisin da za su rataya a bango ba tare da mai shi yana zama a wurin ba, kuma sababbin shiga suke farauta. Duk maganin jabu da aka sayar a irin wannan shago, mai lasisin za a tuhuma. Haka hoton da kika ɗauka a bakin kanta: ki tabbata babu katin majiyyaci ko takardar magani mai ɗauke da suna a bayanki.

Wajen godiya, mutum biyu ko uku sun isa, kowanne da abin da ya koya miki. Ki kira su ko ki je ki gaishe su tukuna, ki nemi izinin ambaton sunansu. A ganina bai dace malami ya tsinci labarin ɗalibarsa a bakin jama'a ba. Ki rubuta muƙaminsu daidai, Farfesa ko Dakta. Ga misali:

“Alhamdu lillahi, na fara horon shekara ɗaya a sashen magunguna na asibiti kaza. Ina godiya ga malamata Dakta wance, wadda ta koya mini lissafin maganin yara bisa nauyin jiki, da Malam wane, wanda ya hana ni miƙa magani sai na tambayi majiyyaci ko yana shan wani.”

Sunan asibitin ma ki tambayi shugaban sashenku kafin ki saka, don wasu wuraren suna da ƙa'idarsu. Albashi kuwa ki bar shi a cikinki.