Inda tarihi ke yi wa muƙalar adabi aiki da inda yake danne ta

"Allah ya gafarta Malam, ga muƙalar da na rubuta a kan littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shafi goma ce, huɗu na farko duk shimfiɗar tarihi ne. Wanda ya fara duba mini ya ce tarihin ya shanye hujjata, ni kuwa ina tsoron in na rage a ce ban yi bincike ba. Nawa ya kamata in bari?"

Ɗana, na karanta ta daga farko har ƙarshe, kuma wanda ya duba maka ya faɗi gaskiya. Amma kada ka ɗauka ƙidayar shafi ce za ta warware maka. Kowane guntun tarihi da ka sa, tambaya ɗaya za ka yi masa: wace jimla ce a cikin hujjata za ta faɗi in na cire shi? In ka nuna jimlar da yatsa, ya zauna. In ka duba ka rasa, ya fita, ko da kuwa ka sha wahala kafin ka samo shi.

Sai dai ba ka iya yin wannan awo in ba ka san hujjar taka ba, kai kuwa taka ta ɓuya har shafi na bakwai. A can ne ka ce littafin yana sa mai karatu kuka saboda Umar da mahaifiyarsa, amma harin da aka kai aka kamo bayi a farkon labari, wanda Makau, mijin mahaifiyar Umar, ya fita a cikinsa, an ba da shi ba tare da wani juyayi ba. Wannan magana ce mai nauyi, kuma da idonka ka gano ta a cikin matanin. Ita ce muƙalar. Ɗauko ta ka kai shafin farko, sannan mu auna sauran da ita.

Ka fara da Bayajidda da Hausa Bakwai. Babu abin da ya haɗa su da wannan hujja, a cire. Sai ka yi shafi biyu a kan jihadin 1804, da hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu, da yadda aka ba da tutoci. Duk gaskiya ne, amma a cikin shafukan nan biyu abu ɗaya tak littafin yake bukata, kuma shi ne ba ka faɗa ba: a shari'ar da mutanen wancan zamani suke bi, bai halatta a bautar da Musulmi ɗa ba. Malamai sun daɗe suna jan kunne a kan haka, tun Ahmad Baba na Timbuktu da ya yi rubutu a kan mas'alar a 1615, kuma shugabannin jihadi ma sun koka da ita. To dubi abin da wannan sani yake yi wa karatunka. Umar ɗa ne, sace shi aka yi yana ƙarami. Mahaifiyarsa 'ya ce, ta fita neman ɗanta aka yaudare ta, ta faɗa hannun masu saye da sayarwa har Tarabulus. Abin da aka yi musu zalunci ne ko a ma'aunin zamaninsu. Mutanen da aka kamo a wancan hari kuwa, ma'aunin zamanin bai ba su wannan kariya ba, labarin ma bai tsaya a kansu ba. Ka ga yanzu hujjarka ta sami ƙafa. Kana iya cewa kukan littafin ya fi karkata ga bautar da wanda bai kamata a bautar ba, sannan ka tambaya ko ya kai ga la'antar bauta ita kanta. Jimla uku za su ɗauki wannan tarihi, kuma sun fi shafuka biyun nan aiki.

Wurin ajiye su ma abin lura ne. Kada ka tara su a gabatarwa. Mai karatu bai san amfaninsu ba tukuna, kafin ya iso inda ake bukatarsu ya manta. Kawo wurin da aka sace Umar, ka nuna kalmomin da marubucin ya zaɓa, sannan nan take ka sako maganar shari'ar, ka koma kan matanin. Tarihi ya shigo ta ƙofar da matanin ya buɗe masa, ya yi aikinsa ya fita.

Akwai tarihi iri na biyu da ka yi sakaci da shi ƙwarai, wato na lokacin da aka rubuta littafin. Ɗalibai da yawa suna cakuɗa zamanin da labari yake magana a kai da zamanin da aka rubuta shi, alhali na biyun ya fi yawan buɗe ido. Labarin Umar na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Rubutun kuwa ya fito daga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Turawa sun fitar da doka tun 1901 da ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. Tsaya ka yi tunani a kan wannan. Ranar da littafin ya fito, akwai waɗanda har yanzu ake kira bayi a gidajen sarauta da gandaye, akwai tsofaffin da aka kamo suna yara, akwai waɗanda suka fita harin da ƙafarsu. 'Ya'yan duka waɗannan suna cikin masu karatun boko da za su riƙe littafin. Marubucin matashi ne, malamin makaranta a Bauchi, bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba, kuma hukumar gwamnati ce za ta buga masa. Da wannan a hannunka, muryar nan mai sanyi ta Shaihu, wadda ke ba almajiransa labarin sata da rabuwa da mutuwa ba tare da ɗaga harshe ba, ta zama abin tambaya. Haƙurin malami ne da ya miƙa komai ga ƙaddara? Ko taka-tsantsan ne na mai magana a gaban waɗanda abin ya shafa ta ɓangarori biyu? Tarihi ba zai zaɓar maka amsa ba. Ya dai nuna maka tambayar tana da tushe, amsar kuma sai ka koma cikin jimlolin littafin ka nemo.

A nan ne nake so ka kiyaye sosai, domin nan masu ƙoƙari suke zamewa. Ka rubuta cewa tunda Turawa ne suka buga littafin, an rubuta shi ne don a nuna mulkinsu ya fi na da. Wannan tsalle ne. Daga "ga halin da aka rubuta shi" ka dira kan "ga abin da yake nufi", ba ka taka matanin ba ko sau ɗaya. Ganɗoki na Bello Kagara daga wannan gasa ya fito, hukuma ɗaya ta buga su, amma tauraronsa jarumi ne da ya yaƙi Turawa. In yanayin bugu kaɗai ke yanke ma'ana, da littattafan biyu sun faɗi abu ɗaya. In kana da wannan zato, kawo shafin da ya goyi bayansa, ka kuma yi adalci ga Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauki Umar ya riƙe shi kamar ɗansa ya sa shi karatu har ya zama malami. Wanda ke son baƙanta zamanin da kawai, me zai sa ya ƙirƙiri irin wannan ubangida? Dole hujjarka ta iya ɗaukar wannan tambaya.

Shafin da ka yi a kan siyasar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da zamansa Firayim Minista a 1957, da kisansa a Janairun 1966, shi ma ya fita. Na san yana da wuyar cirewa, don mutum ne da ake ji da shi. Amma wanda ya rubuta littafin nan bai kai shekara ashirin da biyar ba, kuma bai san abin da ke gabansa ba. In ka karanta natsuwar Shaihu Umar da idon abin da ya faru bayan shekara talatin, ka ɗora wa littafin kayan da ba nasa ba.

Yadda za ka gane tarihi ya fara nutsar da kai tun kana rubutu, ba sai wani ya gaya maka ba, shi ne ka duba inda ka fara kawo kalmomin littafin. A taka sai shafi na biyar. In an wuce shafin farko ba a ji muryar matanin ba, akwai matsala. Sannan ɗauki kowane sakin layi ka tambayi kanka ko za ka iya ɗauke shi ka dasa a muƙala a kan Ruwan Bagaja ba tare da canza kalma ba. In zai dasu, ba na wannan muƙala ba ne. Ka kuma sa ido a kan jimlar nan da ka maimaita, "wannan ya nuna yadda al'ummar wancan lokaci take". Duk inda ta fito, ka mayar da littafin shaidar tarihi, ka bar tambayar yadda aka gina shi: me ya sa Shaihu ne ke ba da labarin da bakinsa, me ya sa ake barin Umar a koma bin sawun uwar, me ya sa haɗuwarsu ta zo dab da mutuwarta. 'Yan rakiya sun cika ɗaki, amarya tana waje.

In kana son ƙiyasi, a muƙala mai shafi goma irin wannan ni ba na wuce shafi ɗaya da rabi na tarihi, a warwatse inda ake bukata. Wannan awo nawa ne, kuma yana motsi da mai karatu. Bahaushen da ya tashi yana jin labarin ayarin da ke ƙetare sahara daga Kano zuwa Tarabulus ba ya bukatar a zana masa hanya, wanda kake rubuta wa daga wata ƙasa kuwa sai ka ƙara masa jimla biyu a kan Murzuk, zangon ayari a kan hanyar, da abin da ayari ke ɗauka. Yana kuma motsi da irin matanin. Waƙar siyasa ta shekarun 1950 da ke cike da habaici ga mutane da jam'iyyu, wadda ba a gane baiti sai an san wa ake nufi, za ta ci tarihi fiye da haka nesa. Shaihu Umar ba haka yake ba, yana bayyana yawancin duniyarsa da kansa. Ko Rabe da ya ratso cikin labarin wajen ƙarshe, ya ishe ka ka ce shi ne wanda ya ci Borno a 1893, Faransawa suka kashe shi a 1900, don mai karatu ya san shekarun da Umar ya komo gida. Yaƙe-yaƙensa ka bar wa masu muƙala a kan Borno.